Daren Masu Tagwaye

Har yanzu littafin yana cikin akwatin kayan yara, ɗan littafin rubutu mai shafi 40 irin na 'yan firamare. Kowane shafi an raba shi biyu da biro, dama Hassana, hagu Usaini. Babu komai a ciki sai lokuta: ƙarfe 10:05, ƙarfe 1:20, ƙarfe 4. Wani wurin rubutun ya karkace ya fita layi, alamar mai rubutun yana gyangyaɗi. Mu biyu muka cika shi, uwa da uba, kuma ko yau in muka buɗe shi sai mun ji nauyin idon nan ya dawo mana.

An haife su a Ƙanƙara farkon watan Oktoba na 2021, ciki yana da sati 36, wato saura sati huɗu lokacinsu ya cika. Hassana ta zo da kilo 2.3, Usaini da kilo 2 daidai. Ba haihuwar fari ba ce, muna da yayarsu mai shekara uku, amma duk da haka shirinmu shi ne a tafi wanka gida, wani ƙauye a ƙasar Faskari, domin tagwaye sai da hannuwa. Shirin bai yiwu ba. Tun ƙarshen Agusta gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme saboda 'yan bindiga, sai dai a zagaya ta Funtuwa. A watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ƙauyen ma rabinsa ya watse. Maimakon mai jego ta je gida, gida ne ya zo wurinta: Inna ta iso da ƙullin kayanta kwana biyu kafin suna, ba mu ma san tana hanya ba sai da muka ji sallamarta.

Haka aka yi namiji ya tsinci kansa cikin aikin da a garinmu ba a san shi da shi ba. Da an tafi wanka, da uban yana kwance shi kaɗai yana sharar barci har arba'in, sai dai ya aika da itace da nama. To ga shi a ɗakin da ke jikin na mai jego, bango ɗaya tsakani, ga kunyar suruka. Inna ba ta kiran sunansa, shi kuma ba ya haɗa ido da ita. Sai aka samo dabara: in ana bukatarsa a ƙwanƙwasa bango sau biyu, Inna ta juya fuska wajen bango ta ci gaba da barcinta, ko ta yi kamar tana yi.

Satin farko da rabi mun bar kowane yaro da lokacinsa, kamar yadda muka yi wa yayarsu. Wanda ya yi kuka a ba shi nono, wanda yake barci a ƙyale shi. Sai da muka fara rubutawa muka ga abin da ke cinye mu. Jariri irin wannan yana shan nono sau 8 zuwa 12 a wuni da kwana, namu kusan duk awa uku. Shan nonon, da jiran gyatsa, da canza ƙunzugu, da lallashi, ba ya kasa minti 40. Hassana tana tashi ƙarfe 10, da 1, da 4. Usaini yana tashi 11:30, da 2:30, da 5:30. Duk mai iya lissafi zai ga cewa tsakanin ajiye wannan da ɗaukar wancan minti 50 ne kacal. A cikin minti 50 ɗin ne mutum zai kwanta, ya jira zuciyarsa ta lafa, barci ya fara ɗaukarsa. Wani lokaci ma mun fi son kada ya ɗauke mu, don tashi daga barcin da bai nuna ba ya fi rashin barcin ciwo. A kwana na tara uwar ta zuba ruwan shayi a kan tuwo tana zaton miya ce. Muka yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Da muka koma asibiti awo, wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa, ta karɓi littafin ta duba. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce, “Ku haɗa musu lokaci. Duk wanda ya fara tashi, ku tada ɗan'uwansa su sha tare. Su ƙanana ne, ko ba don barcinku ba bai kamata ɗayansu ya wuce awa uku bai sha ba.” Ta ɗauki biro ta sake mana lissafin a bayan littafin. In sun sha tare, aikin zai kai awa ɗaya maimakon minti 40, amma bayansa akwai awa biyu cur babu mai motsi. Tsakanin ƙarfe 10 da asuba za a samu irin wannan awa biyun har sau biyu. Jimillar barcin ba ta ƙaru da yawa ba. Abin da ya canza shi ne ya daina zuwa gutsure-gutsure.

Inna ba ta yarda ba, kuma ba ta ɓoye ba. “Ni dai ban taɓa jin an tada jariri daga barci ba,” in ji ta. “A barci yaro yake girma. Balle tagwaye, da ba a ɓata musu rai.” Kowa a ƙasar Hausa ya san abin da ake faɗa kan tagwaye, cewa in ka saɓa musu za ka gamu da kunama a shimfiɗarka, cewa in ka yi wa ɗaya abu dole ka yi wa ɗaya. Uwar ta kama ta nan. Ta ce, “To Inna, ai ku kuka ce ba a fifita ɗaya. Ya za a ba Hassana nono a bar Usaini?” Inna ta yi tsaki ta ce boko ya iya juya magana. Amma daren nan ba ta hana ba.

Tada jariri ba abu ne mai sauƙi kamar yadda ake faɗarsa ba. Darare uku na farko mun yi ta kuskure ɗaya. Hassana za ta tashi, mu ɗauko Usaini yana cikin barci mai nauyi, jikinsa laƙwas, a sa masa nono ya tsotsa sau uku ya sake. Mu ɗauka ya ƙoshi, mu kwantar da su. Bayan minti 40 sai ya farka da yunwa ta gaske, mun koma inda muka fito, har gara da. Sannu a hankali muka gane cewa barcin jariri iri biyu ne da ke karɓa-karɓa cikin ƙasa da awa ɗaya. Akwai mai nauyi, wanda numfashi yake tafiya daidai, fuska ba ta motsi, in ka ɗaga hannunsa ka saki ya faɗo kamar tsumma. Akwai marar nauyi, wanda za ka ga ƙwayar ido tana yawo ƙarƙashin fata, baki yana mamular iska, yana ɗan yamutsa fuska. A na biyun ake tada shi. In muka tarar yana cikin na farkon, sai uwar ta fara da Hassana, uban ya zauna da Usaini yana jira, yawanci minti 10 zuwa 15. Da ya ga ido ya fara motsi sai ya kwance masa zanen da aka naɗe shi, ya canza masa ƙunzugu ko da bai jiƙe sosai ba, ya shafa tafin ƙafarsa. Ba ruwan sanyi, ba jijjiga. Ita ma'aikaciyar ta ja mana kunne sosai kan jijjiga jariri, ta ce tana iya illata ƙwaƙwalwa.

Shayar da biyu lokaci ɗaya shi ma sai da aka koya. Abin da ya yi mana shi ne uwar ta zauna ta jingina da bango, matashi ɗaya a kowane gefe, kowane yaro jikinsa ya bi ta ƙarƙashin hammatarta, ƙafafunsa suna baya, kansa a tafin hannunta. Hassana ake fara sa wa, domin ita ce mai ƙarfin tsotso, kuma idan nono ya sauko a gefe ɗaya yana saukowa a ɗaya gefen ma. Sai Usaini ya samu nasa ya riga ya taho, ba sai ya gaji da nema ba. Kullum da safe ana musanya musu gefe, don kada nono ɗaya ya saba da mai ƙarfi ɗayan ya ragu. Da yake kan mai jego ba ya riƙe komai, sai muka sa awarwaro ɗaya ya zama alama: hannun da yake, nan ne gefen Hassana a ranar. Wanda ya fara ƙoshi, uban ya ɗora shi a kafaɗa ya jira gyatsa.

Yadda muke sanin ko suna samun abin da ya ishe su, tunda nono ba a ganinsa a mudu, shi ne ƙunzugu. Kowannensu ya jiƙa aƙalla shida a wuni da kwana, fitsarin ba ja ba, kuma awo yana hawa. Wannan ma a littafin yake, ɗan zane kamar na masu ƙirga buhuna. Da masu zuwa barka suka fara cewa nono ɗaya ba zai ishi biyu ba, a haɗa musu da ruwa ko kunu, littafin muke dubawa mu yi shiru. Jikin uwa yana yin nono ne gwargwadon yadda ake janye shi, mai shayar da biyu tana yin na biyu, muddin tana ci tana sha. Mun tsaya kan nono zalla har wata shida, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa, kodayake gaskiya ba hukumar ce ta riƙe mu ba, tsoron gudawa ne.

Akwai wani abu da ba mu zata ba. Mun ɗauka kukan ɗaya zai riƙa tada ɗaya, har mun yi shawarar raba musu ɗaki. Ashe sau da yawa Hassana za ta tsala kuka a kunnen Usaini, shi ko gezau. Mu ne muke firgita mu yi wuf mu ɗauke ta, kuma da wannan gaggawar muka riƙa tada yarinyar da ba ta ma farka ba, gurnani kawai take cikin barci marar nauyi. Sai muka sa wa kanmu doka: in an ji motsi a ƙirga sittin a zuci kafin a miƙa hannu. Fiye da rabin lokuta kafin a kai sittin ta koma.

Maganar inda za su kwanta ita ce ta fi kawo gardama, musamman da hunturu ya shigo a watan Nuwamba. Inna ta saba da a sa jarirai tsakanin manya a gado ɗaya, a lulluɓe kowa da bargo, a ajiye kaskon gawayi a ɗaki. Mu kuma an gaya mana, kuma mun yarda, cewa jaririn da aka haifa bai cika lokaci ba, ko marar nauyi, shi ya fi shiga haɗari in ya kwana tsakanin manyan da gajiya ta kayar. Mai barcin awa uku a kwana ba ya jin ya danne komai. Muka sayo ƙaramar katifa mai tauri, muka shimfiɗa ta a jikin ta uwar, gidan sauro ɗaya babba ya rufe duka, an cusa bakinsa ƙarƙashin katifu. Su biyun a kan ƙaramar, rigingine, kowa da nasa zanen, babu matashi, babu bargon manya, tsakaninsu kamar taƙi ɗaya. Kwanciyar rigingine ita likitoci suka tabbatar ta fi rage mutuwar farat ɗaya da jarirai ke yi cikin barci, ko da yake tsofaffi sun fi son a kifa yaro don kada ya shaƙe da tumbuɗi. Kasko kuwa muka ce a ɗumama ɗaki da shi da magariba ƙofa a buɗe, a fitar da shi kafin a rufe. Gawayi yana fitar da wata iska marar wari da ke sa mutum barcin da ba a tashi. Don sanyi, riga biyu da safa. In muna son sanin ko sun ji ɗumi, bayan wuya ko ƙirji muke taɓawa, domin hannun jariri kullum da ɗan sanyinsa.

Lokacin da ya fi ba mu tsoro shi ne na shayarwar ƙarfe 1 da ta 4, sa'ad da uwar ke zaune da yara biyu a kan matasai, barci yana fizgarta. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama. Sau ɗaya ta farka ta ga fuskar Usaini ta nutse tsakanin matashi da jikinta, Allah ya tsare. Daga ranar muka yanke cewa ba a shayar da biyu da dare sai da wani a farke yana kallo. Nan aka raba dare. Uban yana riƙe da ta ƙarfe 10 da ta ƙarfe 1. Inna, da ta riga ta saba tashi kafin assalatu, ta karɓi ta ƙarfe 4, kuma bayan wankan safe ta kwashe yaran duka uku zuwa tsakar gida, uwar ta samu awa biyu ƙofa a rufe. Uban kuma ya koyi barcin azahar a kan benci a wurin aiki, abin da ya ja masa tsokana ba kaɗan ba.

A daren sati na biyar ne abin ya faru. Hassana ta tashi ƙarfe 1:20, aka ƙwanƙwasa bango. Uban ya zauna da Usaini yana jiran ido ya motsa. Minti 15 ya wuce, minti 20. Ya kwance shi, ya canza ƙunzugu, yaron ya ɗan yi ƙara kamar ɗan kyanwa ya koma. Aka sa masa nono ya ƙi kamawa. Muka duba littafi: ƙarfe 10 ma minti huɗu kawai ya sha, kuma tun la'asar ƙunzugu ɗaya ya jiƙa. Muka sa ma'aunin zafi a hammatarsa, 38.2. Muka ƙirga numfashinsa da agogon waya minti ɗaya cikakke, 64. An riga an gaya mana ranar sallama cewa jaririn da bai kai wata biyu ba, in ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko numfashinsa ya kai 60 a minti, ko ba ya motsi sai an motsa shi, ba a jira gari ya waye.

To amma babu layin da za a kira kowa. Wayar nan da kuke karanta mu a kanta, a watannin nan agogo ce kawai da tocila. Babur kuma an hana shi fita daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe a yankunanmu. Wanda bai zauna Ƙanƙara ba zai yi wuya ya gane abin da buɗe ƙofar gida ƙarfe biyun dare yake nufi, a garin da ba a cika shekara ba da kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya, daren 11 ga Disamba 2020. Inna ce ta miƙe. Ta sa uwar ta tura Usaini cikin rigarta, fata da fata, ta ɗaure su da zane. Ita ta goya Hassana. Ta dubi bango, ta yi wa surukinta maganar da ta fi kowace tsawo tun zuwanta: “Malam, ka buga wa maƙwabci ƙofa ya zauna da yarinyar nan, mu tafi.” Muka taka da ƙafa, wasu 'yan sintiri biyu suka raka mu har ƙofar asibiti.

Kwana biyar muka yi ana masa allurai. Likita ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga jikinsa, kuma mun zo da wuri. Abin da ba ya barin zuciyarmu shi ne, da a satin farko ne, lokacin da kowa ke da nasa lokacin, da mun ga Usaini ya zarce da barci mun yi hamdala mun ja bargo. Kukan 'yar'uwarsa ne ya kai hannunmu jikinsa. Inna ba ta sake cewa komai kan tada jariri ba. Da muka dawo gida ma ita ce take cewa, “Ku dubo ɗan'uwan.”

Asibiti ya wargaza tsarin gaba ɗaya, don can fitila ba ta mutuwa kuma allura ba ta san lokacin barci ba. Kwana huɗu muka yi muna gyarawa, kuma a nan muka koyi cewa da safe ake haɗa daren tagwaye. Ƙarfe 7, ko yaya daren ya kasance, a tada su tare a ba su nono tare, a fitar da su inuwar tsakar gida inda haske yake, ga ƙarar turmi ga kaji ga surutun yayarsu. Da rana, in ɗaya ya tashi, ba a barin ɗaya ya wuce shi da fiye da minti 20. A wannan watan ba sa jure fiye da awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi a farke, da sun fara hamma suna kau da kai a kwantar da su tare, kafin gajiya ta koma rigima. Da dare kuwa babu hira, babu wasa, tocila a ƙarƙashin ɗankwali. Jariri ba ya zuwa duniya da sanin dare da rana, sai wajen wata biyu zuwa uku jikinsa ke fara rarrabewa, kuma haske da duhu ne malamansa. Namu sai mun cire musu sati huɗun da suka yi gaggawa kafin mu kwatanta su da 'ya'yan maƙwabta. Shi ya sa kukan magariba da ake cewa yana tsananta a sati na shida, namu sai wajen na goma ya kai ƙarshensa, su biyu a tare, daga magariba har bayan isha'i. Wannan babu dabarar da ta yi mana. Goyo ne kawai da safa da marwa a tsakar gida, ɗaya a bayan uwa ɗaya a bayan Inna.

A cikin wannan lokacin Gwaggo ta zo daga Sabuwa ta yi mana sati. Ita ta ba mu labarin matan ƙauyukansu da suka sha kwana a gonar dawa da jarirai a ƙirji, nono a baki har asuba, don kuka ɗaya yana iya nuna inda mutane suke. Ta ce wasu, saboda tsoro, sukan ɗiga wa yaro maganin mura mai sa barci. Ba ta faɗa don zargi ba, mu ma ba mu zarge su ba. Amma da wata baƙuwa ta ba mu shawarar mu ma mu riƙa yi don mu huta, ba mu saurara ba. Irin wannan magani yana iya danne numfashin jariri, kuma yana shafe alamar nan guda da ta cece mu, wato bambanci tsakanin yaron da yake barci da yaron da ba ya iya tashi. Sau biyu an yi harbi a bayan gari muna ji. Duk sau biyun abin da muka yi ɗaya ne, aka kashe tocila, uwar ta sa su duka a nono, uban yana zaune a bakin ƙofa. A duhu hannunta ya san inda kan kowannensu yake.

Haɗa lokaci yana da iyaka, kuma mun ɗan makara kafin mu gan ta. Wajen wata huɗu da rabi littafin ya fara nuna wani abu: yanzu Usaini ne kullum mai tashi ƙarfe 1, Hassana kuwa in an tada ta sai ta ɗan taɓa nono ta juya kai, da safe kuma ta tashi da ƙunci. Mun ci gaba da tada ta kusan sati biyu, saboda tsoron da daren nan ya bar mana. Da muka je awo aka ga ta ninka nauyin haihuwarta har da ɗori, ma'aikaciyar ta ce a gwada ƙyale ta. Daren farko ta kai ƙarfe 2:15, wato ta tashe mu bayan mun gama da ɗan'uwanta da ɗan kaɗan, muka ce ga shi nan an koma gidan jiya. Muka daure dare biyar kamar yadda muka yi alkawari. A na huɗu ta kai ƙarfe 4. Daga nan ta ƙarfe 1 ta zama ta Usaini shi kaɗai, minti 20 an gama, ta ƙarfe 4 kuma tasu tare. Shi sai da ya kai wata takwas ya bar tasa. A wannan tsakanin ne kuma Hassana ta fara juyawa, muka tarar da ƙafarta a wuyan ɗan'uwanta, washegari aka sayo katifa ta biyu.

Ko bayan da aka daina tada Hassana, uban bai daina ɗora tafin hannunsa a ƙirjinta ƙarfe 1 ba. Ba ya cikin tsari, babu wanda ya sa shi, kuma ba a rubuta shi a littafi.

Inna ta yi wata shida a wurinmu. Ranar da za ta tafi wurin ɗanta a Funtuwa, don ƙauyen bai koma zaunuwa ba, ta zauna a tabarma da su biyun a cinyarta tana musu tsiya irin ta kaka da jika, wai sun cinye mata barcin shekara guda sai sun biya. Ta ce wa uwar, in Allah ya kawo Gambo, a aiko mata da wuri, amma a gaya masa ya zo shi kaɗai. Direba ya yi ta danna ham a waje.

Shafi na ƙarshe da aka rubuta a littafin na wani dare ne a watan Yuni na 2022, farkon damina. Dama an rubuta 9:40, hagu an rubuta 9:40. A ƙasa babu komai sai ƙarfe 5:10, da rubutun uwar. Ta ce ita ta riga su farkawa, rigarta ta jiƙe da nono, ta zauna a cikin gidan sauro tana sauraron numfashi biyu har ladan ya kira salla.